Shin Ko Kun San? Lissafin Data Kafin Sauke Waƙa, Karatu da Fim

Shin ko kun san cewa a ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga? Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu sabis ɗinta a farkon Oktoba, amma Anka da Gummi da Bukkuyum da sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗe musu. A waɗannan watanni, wayar da ke da waƙa da karatu a cikin memori ta ci gaba da aikinta. Wadda ta dogara da kallo kai-tsaye a intanet kuwa ta koma fitila da agogo. Mutumin yammacin Zamfara ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin sauke abu a ajiye. Abin da ya rage shi ne lissafin: nawa za a sauke, a wane inganci, da data nawa. Ballantana tun watan Janairun 2025 da NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari.

Shin ko kun san lamba ɗaya ce ke yanke girman kowace waƙa da kowane karatu?

Ita ce wadda ake gani kusa da sunan fayil an rubuta 64 kbps, ko 128 kbps, ko 320 kbps. Tana nuna yawan bayanan da aka zuba a cikin kowace daƙiƙa ta sauti. Idan lambar ta ninka, girman fayil ya ninka, datar da zai ci ma ta ninka. Lissafinta kuma bai fi ƙarfin kowa ba: a ninka lambar da 0.45, abin da ya fito shi ne megabayit ɗin da sa'a guda za ta ci.

Sa'a guda a 32 kbps tana cin kusan MB 14. A 64 tana cin kusan 29, a 128 kusan 58, a 320 kuwa 144. Wanda ba ya son ninkawa ya riƙe wannan kaɗai: a 128, kowane minti ɗaya kusan MB 1 ne. Waƙar minti biyar, MB 5. Sauran duk daga nan ake ɗagawa ko a sauke.

Idan shafin da za a sauke daga gare shi bai rubuta lambar ba fa? Sai a juya lissafin. A duba girman fayil, a duba tsawonsa, a raba. Karatun minti 60 da aka rubuta MB 30, rabin megabayit ke nan a minti, wato 64. Waƙar minti biyar da aka rubuta MB 12, wannan 320 ce. Kafin a danna komai an riga an san abin da za a biya.

Shin ko kun san babbar lamba ba ta gyara tsohon kaset?

Nan ne akasarin datar mutane ke zubewa ba tare da sun amfana ba, don haka bari mu ɗan zauna a kai. Ɗauki tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, wanda ya shekara da shekaru yana karantarwa a masallacin Sultan Bello da ke Kaduna, gidan rediyon Kaduna yana watsawa. Malam ya rasu a 1992. Tsarin MP3 kuwa sai a 1993 aka fitar da shi a hukumance. Ke nan duk muryar Malam da ke yawo a wayoyi yau daga kaset ko faifan gidan rediyo aka kwafo ta, wani lokaci ma daga kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset ɗin. Iyakar kyan da sautin zai yi shi ne kyan da ya yi a ranar da aka naɗe shi. Wanda ya mayar da wannan karatu 320 bai ƙara masa ko harafi ɗaya ba. Ya dai zuba tiya guda ta gero a buhu babba, ya ce a biya kuɗin motar buhu.

Haka waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo, da na Narambaɗa, da na Sa'idu Faru, da na Kassu Zurmi. Shuuu ɗin nan da ake ji a bayan kiɗan kotso, na kaset ne, kuma a 320 sai dai a ji shi da kyau. Ga irin waɗannan, 64 ta wadatar, 96 ta yi yawa-yawa. Haka kuma idan wani ya ɗauki fayil mai 64 ya sa wata manhaja ta mayar da shi 320, girma kawai ya ƙaru. Abin da aka zubar lokacin matsewar farko ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Sau da yawa ma sautin ƙara lalacewa yake yi, domin kowace matsewa tana ɗan gutsurar wani abu.

Magana zalla, irin wa'azi da hira da labarai, ba ta bukatar fili mai yawa, saboda murya ɗaya ce ba tare da kayan kiɗa suna gasa da ita ba. A 32 zuwa 48 ana jin kowace kalma, muddin naɗin asali mai tsabta ne. Amma akwai iyaka, kuma kunne yana gane ta. Idan an matse fiye da kima, haruffan "s" da "sh" da "ts" su ne ke fara narkewa, sai a ji kamar mai maganar yana kurkure baki da ruwa. Tafi da shewar jama'a su koma wani irin ƙara mai kama da yayyafi a kan kwano. Idan kun ji haka, ku ɗaga zuwa mataki na gaba.

Karatun Alƙur'ani daban ne, kuma a nan ba na goyon bayan tsumulmula. Mai sauraro don ya gyara tilawarsa yana bukatar ya bambance sin da sad, ya ji inda harafi ya fito da inda aka ja madda. Kada ya sauka ƙasa da 64. Bambancin 64 da 32 kusan MB 15 ne kawai a sa'a, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Sabbin waƙoƙin situdiyo, irin na Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef ko Nura M. Inuwa, su ne ke da abin da babbar lamba za ta iya riƙewa. Duk da haka a tambayi kai: da me za a saurara? Da sifikar waya, wadda faɗinta bai kai ƙwayar gyaɗa ba, babu mai bambance 128 da 320. Da 'yar rediyon nan mai ramin memori da ake ratayewa a wuyan keke ko a kan reshe a gona, haka zancen yake. Wanda zai haɗa da manyan sifiku a wajen biki, shi ne ke da hujjar neman 192 zuwa sama.

Shin ko kun san manhajojin waƙa suna ɓoye wannan lamba a bayan kalmomi?

A Spotify, wadda ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021, daga cikin matakan akwai: Low kusan 24 kbps, Normal kusan 96, High kusan 160, sai Very high kusan 320 ga masu biyan kuɗin wata. Waƙoƙi ɗari masu minti biyar-biyar a Normal kusan MB 360 ne. A Very high sun kai MB 1,200. Kuma saitin sauraro kai-tsaye daban yake da saitin saukewa, kowanne da layinsa, don haka gyara ɗaya bai gyara ɗayan ba. Sauke waƙa a can sai mai biya, amma fodkas ana sauke shi ko ba a biya ba. Audiomack tana barin a sauke waƙoƙi da yawa kyauta a cikin manhajar. Boomplay kuma tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da Itel tun daga kwali, saboda kamfanin Transsion mai ƙera wayoyin yana cikin masu ita.

Mai son labarai da sharhi ya san cewa shirye-shirye irin "Najeriya a Yau" da "Daga Laraba" na jaridar Aminiya ana samunsu a sauti zalla. Shirin minti 15 a 64 bai wuce MB 7 da 'yan kai ba.

Shin ko kun san bidiyon 720p ya ninka na 360p sau huɗu, ba sau biyu ba?

Ido yana ganin 360 da 720 sai ya ce ninki biyu. Amma hoto yana da tsawo da faɗi. Na 360p ɗigo 640 ne a kwance, 360 a tsaye, jimla 230,400. Na 720p kuwa 1,280 ne sau 720, jimla 921,600. Na 1080p ya haura ɗigo miliyan biyu, ninki tara na 360p. Datar ba ta bin wannan lissafi sak, domin ta danganta da yawan motsin da ke cikin fim ɗin, amma hanyar da take bi ke nan. A ƙiyasi, sa'a guda a 360p takan faɗa tsakanin MB 150 da 300, a 720p kuma daga 600 zuwa sama. Fim mai rawa da gudu da faɗa ya fi cin data a kan wanda mutum biyu suke zaune a falo suna musayar magana.

Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa allonsu bai wuce 720 ba, wasu ma bai kai ba. Sauke 1080p a irin wannan waya biyan kuɗin ɗigon da allon ba zai iya nunawa ba ne, kuma sau da yawa wayar takan yi ta sarƙewa, murya ta yi gaba hoto ya biyo baya. Ga shiri irin Izzar So ko Labarina a allon waya, 360p ya isa a ga fuska a gane wanda ke hararar wani. A 144p fuskoki sukan dame, sai dai a gane mutum da muryarsa. Wurin da ƙaramin mataki ke cutarwa shi ne inda akwai rubutu: darasin lissafi a kan allo, fassarar da ke gudana a ƙasan fim, malamin da ke nuna shafin littafi. Nan a nemi 480p ko 720p, in ba haka ba an yi asarar datar gaba ɗaya.

YouTube tana nuna girman kowane mataki kafin a sauke: Low, Medium, High, kowanne da megabayit ɗinsa a gefe. A karanta kafin a danna. Wanda ya taɓa sa alama a kan Remember settings, ba za ta sake tambayarsa ba, sai ya shiga Settings ya nemi Download quality ya canza.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake sauke wa'azi a bidiyo, sannan a jefa wayar cikin aljihu a kama aiki. Malam yana zaune a kujera ɗaya tsawon sa'a guda, ba wanda ke kallonsa, amma an biya MB 250 na hotonsa. Sautin wannan zama a 48 bai wuce MB 22 ba. Idan akwai karatun a MP3, da datar zama ɗaya na bidiyo za a sauke zama goma sha ɗaya. Batir ma ya fi daɗewa, domin allo a kashe yake, kuma mai biyan kuɗin caji a shago ya san abin da hakan ke nufi.

Shin ko kun san GB 2 na iya ɗaukar abin da wani zai kashe wa GB 5?

Mu ɗauki misali. A ce wani ɗan'uwa daga wani ƙauye na Bukkuyum, inda sabis sai an hau tudu, ya shigo Gummi zai kwana biyu. Ya sayi GB 2. Yana son tafsirin azumi zama 30, a ce kowane zama sa'a guda. Yana son waƙoƙi 100 masu minti biyar-biyar. Iyali kuma sun ce kada ya dawo ba tare da kashi uku na shirin da suke bi ba, kowanne sa'a guda.

Idan ya danna duk abin da ya fara gani: tafsiri a 128, sa'a 30 sau 57.6, MB 1,728 ke nan. Waƙoƙi a 320, MB 1,200. Fim a 720p, a ce kowanne MB 700, jimla 2,100. Duka sun haura MB 5,000. Datarsa za ta ƙare yana gama tafsiri da 'yan waƙoƙi ashirin da wani abu, ya koma gida ba fim, ya sha tambaya.

Idan ya zaɓa: tafsiri a 32, MB 432. Waƙoƙi a 128, MB 480. Fim a 360p, a ce kowanne MB 250, jimla 750. Duka MB 1,662. Ya samu komai, kuma ya rage masa fiye da MB 300 na gaisawa da mutane a WhatsApp. Idan ya ji zaman farko na tafsirin bai fita sosai a 32 ba, yana iya ɗaga shi zuwa 48, ya zama MB 648, jimla 1,878, har yanzu bai fita daga cikin GB 2 ba. Shi ya sa ake fara sauke zama ɗaya a saurara, kafin a saki sauran 29.

Sai dai mai sauke MP3 daga shafi ba kullum yake da zaɓi ba, abin da mai ɗorawa ya ɗora shi zai samu. Karatun manyan malamai dai yakan kasance a wurare da yawa, kuma girman ya bambanta. Minti biyu na dubawa na iya rage rabin kuɗin.

Shin ko kun san arahar datar dare ba ta da amfani idan sabis ɗin unguwarku ba ya gudu?

Kamfanoni suna sayar da datar dare da rahusa, wadda ke aiki daga wajen tsakar dare zuwa asuba. Sa'o'in da farashin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma suna canzawa, don haka a karanta abin da allo ya nuna lokacin saye. Tun 2023 NCC ta haɗe lambobin duk layuka, ɗaya ta saye ɗaya ta duba saura:

```
*312#
*323#
```

Matsalar ita ce datar dare tana mutuwa da wayewar gari, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Saboda haka kafin saye a duba saman allon waya. Idan harafin E ne ke wurin, tsohon sabis ne mai rarrafe. H ko H+ sun fi shi, 4G ta fi su duka. Wayoyi da yawa kuma suna iya nuna gudun data a kusa da alamar sabis, ana ganin lamba tana rawa da KB/s a gefenta. A sauke ƙaramin fayil a kalli lambar, a ninka ta da 3.6, abin da ya fito shi ne megabayit ɗin da za a iya saukewa a sa'a.

Ɗan'uwanmu na Bukkuyum, idan wayarsa ta nuna 250 KB/s, yana samun MB 900 a sa'a, kayansa duka su sauka cikin ƙasa da sa'a biyu. Idan kuwa E ce, lambar tana yawo a wajen 12 KB/s, MB 43 ke nan a sa'a. Kayan nan sai sun ci sa'a 38. Dare ɗaya ba zai ba shi ko MB 300 ba. Mai irin wannan sabis ya sayi ƙaramar datar dare ya sauke sauti kaɗai, ya bar fim sai ya shiga gari. Cikar sandunan sabis kuma ba ita ce gudu ba: sanduna suna nuna ƙarfin isowar sigina daga turke, ba su nuna yawan mutanen da suka taru a kansa. Abin da ya sa dare ya fi sauri ke nan, jama'a sun yi barci.

Kurakurai biyu ne suka fi cin mutane da dare. Na farko, a jera saukewa a yi barci, datar dare ta ƙare ko lokacinta ya cika, wayar ta zarce kan datar rana ko kan kuɗin kira. Da safe a duba a tarar wayam. Maganinsa a jera abin da bai kai yawan datar ba, a bar rarar kashi ɗaya cikin goma. Na biyu, a zaɓi ƙaton fayil guda da aka dunƙule karatu 30 a ciki, ya kai kashi 90 cikin ɗari sabis ya ɗauke. Wasu shafukan suna barin a ci gaba daga inda aka tsaya, wasu kuwa sai an faro daga farko. Fayil 30 ƙanana sun fi guda ɗaya babba, domin idan an katse, na hannu kaɗai aka rasa.

Shin ko kun san wayarku tana sauke abin da ba ku aike ta ba?

A WhatsApp a shiga Settings, sannan Storage and data, sannan When using mobile data, a cire alama daga bidiyo da sauti da takardu. Zauren 'yan'uwa guda mai yawan tura bidiyo ya isa ya cinye datar mako. A Play Store a nemi Auto-update apps a hana shi sabunta manhajoji da data. A YouTube, wanda ke da Smart downloads ya kashe shi, domin da kansa yake zaɓo bidiyo ya sauke.

Akwai kuma tarkon da ke kama masu kirki. Ka buɗe wa ƙaninka hotsifot don ya sauke waƙa biyu. Wayarsa tana ganin Wi-Fi ne, tana iya ɗauka kyauta ne, sai duk abin da aka ce ya jira Wi-Fi ya taso lokaci guda: sabunta manhajoji, ɗora hotuna, sauke bidiyon zaure. A wayar mai karɓa a shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin a zaɓi Treat as metered, sai ta san na kuɗi ne.

Shin ko kun san ba duk abin da aka sauke ba ne ya zama naka?

Wannan ya fi shafar mutanen da sabis ke iya ɗauke musu na dogon lokaci. Abin da aka sauke a cikin manhajar YouTube ko Spotify a kulle yake. Ba ya fitowa a jerin fayilolin waya, ba a tura shi ta Xender, ba ya aiki idan an zare memori an sa a wata waya. Kuma yana da wa'adi. Spotify tana so wayar ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, YouTube kuma kwana 29 ne iyakarta. Idan wa'adin ya wuce ba sabis, abin yana nan ya cika wuri amma ba ya buɗuwa. Da a ce mutumin Anka ya dogara da irin wannan a Satumban 2021, da kafin tsakiyar Oktoba an rufe masa ƙofa. Leƙawar kanta ba ta cin data mai yawa, don haka duk ranar da aka samu sabis a buɗe manhajar na minti ɗaya.

Fayil ɗin MP3 ko MP4 da ke zaune a memori ba shi da wa'adi. Shi ake turawa ta Xender, wadda ke haɗa waya da waya kai-tsaye ba tare da data ba, ko da yake gara a kashe datar lokacin turawa saboda tallace-tallace. Shi ne kuma hajar masu turi a kasuwa, waɗanda ke zaune da kwamfuta da tarin wayoyin caji a gabansu. Ga fim mai nauyi, sau da yawa kuɗin turi bai kai kuɗin data ba. Sai dai a faɗi gaskiya: karatun da malamai suka saki don a yaɗa daban, waƙa da fim ɗin da masu su suka kashe kuɗi suna jiran a saya daban. Manhajojin da ke zaro bidiyo daga YouTube kuma, irin VidMate da Snaptube, ba sa cikin Play Store, kuma a 2019 kamfanin Upstream mai binciken tsaron waya ya ba da rahoton cewa ya kama su biyun suna loda tallace-tallacen ɓoye da ke cin datar mutane. Mai neman tsimi ya yi hattara da ƙofar da ya shigo da ita.

Shin ko kun san akwai memorin da ke ƙarya game da cikinsa?

An rubuta 32 GB a jikinsa, waya ma ta nuna haka, amma ainihin abin da ke ciki bai wuce 4 ko 8 ba. Da farko lafiya lau. Ranar da kaya suka haura ainihin girmansa, sai waƙoƙi su fara ƙin buɗuwa, sunansu yana nan, girmansu yana nan, amma ba sauti, ko sunayen su rikiɗe su koma wasu alamomi. Datar da aka kashe a kansu ta tafi. Gwajinsa tun yana sabo: a sa mai turi ya cika shi maƙil da fina-finai, a zare a mayar, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a ja kowanne zuwa ƙarshensa. Idan duk sun yi, na gaske ne. Memori mai 32 da waya ta nuna 29 da ɗigo kuwa ba jabu ba ne, bambancin ƙirga ne tsakanin masu ƙerawa da na'ura.

Ƙananan wayoyi masu madannai da 'yan rediyon memori galibi ba sa karanta abin da ya wuce 32 GB, kuma MP3 suka fi sani. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .opus ko .webm, wani lokaci har .m4a, suna iya tsallake shi kamar babu. Canza ƙarshen sunan zuwa .mp3 ba ya mayar da shi MP3. Idan Baba ko Inna za a kai wa karatun, a sa memorin a irin na'urarsu a ji ya yi magana kafin a baro Gummi ko Anka.